Yadda Ake Karanta Takardar Ƙiyasin Magini Don Gano Kuɗin Da Ba Su Shiga Jimilla Ba

Idan magini ko ɗan kwangila ya kawo takardar ƙiyasin aiki, wadda a nan Maradi aka fi sani da debi, idon mai gini kan sauka ne kai tsaye a ƙasan shafi, inda aka rubuta jimilla. A kan wannan adadi ake yin ciniki, a rage jika hamsin ko ɗari, a yi musafaha, a ba da kafin alƙalami. Amma jimillar ba ta nuna abin da aikin zai ci, tana nuna abin da aka ga damar lissafawa ne kawai. Kuɗin da za a dawo a nema daga baya yana kwance a sama, cikin layuka, musamman a gurbin ma'auni da gurbin adadi, waɗanda mutane kaɗan ne ke tsayawa su karanta.

Domin bayanin ya fito fili, za mu bi takarda guda ɗaya daga sama har ƙasa. Aikin shi ne kewaye fili mai murabba'in mita 400, wato mita 20 a kowane gefe, da katangar bulo mai tsayin mita 2, tare da babbar ƙofa ta mita 3 da ƙaramar ƙofa ta mita 1. Jimillar da ke ƙasan takardar ita ce sefa 1,800,000. Farashin da za a ambata na misali ne, domin farashin kaya yana sauyawa, amma hanyar lissafin ba ta sauyawa, kuma ita ce za a bi ko da ɗaki ne ko shago ko gida sukutum.

Ka fara auna aikin da kanka

Kafin ka karanta layi ko ɗaya, ka ɗauki abin awo ka je filin tare da maginin. Kewayen filin misalinmu mita 80 ne, idan aka cire gurbin ƙofofi biyu, saura mita 76. Idan aka ninka da tsayin mita 2, fuskar katangar ta zama murabba'in mita 152. Waɗannan adadi biyu, 76 da 152, su ne za ka riƙe, domin kusan kowane layi na takardar daga gare su ya kamata ya fito. Ka kuma tambaya daga ina ake fara ƙirga tsayin mita biyun: daga ƙasan da ake takawa yanzu ne, ko daga saman ɗamarar kankaren da za a zuba a kan tushe? A filin da ke da gangare, bambancin yana iya kaiwa sahun bulo biyu ko uku a gefe guda, kuma idan ba a faɗa a rubuce ba, mai gini ne zai biya.

Gurbin ma'auni da haruffan da ke cikinsa

Yawancin takardun ƙiyasi a ƙasar nan da Faransanci ake rubuta su, kuma suna da gurabe biyar: bayanin aiki, ma'auni, adadi, farashin ɗaya, sai kuɗin layin. Ko ba ka jin Faransanci, gurbin ma'auni ba zai gagare ka ba, domin ƴan haruffa ne ake maimaitawa. Layin da ke ɗauke da ml, wato mita a tsawo, ko m², wato murabba'in mita, ko m³, wato mita kubik, ko u, wato guda, layi ne da za ka iya bincikawa da awo ko da ƙirga. Layukan da ke buƙatar a tsaya a kansu su ne masu FF, ko Ens, ko PM.

FF da Ens na nufin an yi wa aikin kuɗin goro, ba tare da an faɗi adadinsa ba. A takardarmu layin farko shi ne shirya wurin aiki, FF, sefa 65,000. Kuɗin goro ba laifi ba ne, akwai ayyukan da ba sa aunuwa da mita, amma dole ne a rubuta abin da ke cikinsa. Shin ya haɗa da share filin, da kafa layin gini, da rumfar ajiyar siminti, da albashin maigadi? Shin kwashe ɓaraguzai bayan an gama yana ciki? Idan maginin ya ce suna ciki, ka roƙe shi ya rubuta su a ƙarƙashin layin da hannunsa. Abin da ya yi nauyin rubutawa, ka ƙaddara cewa ba ya ciki.

Haruffan PM su ne suka fi cin mutane. Ma'anarsu ita ce an ambaci abu domin tunatarwa kawai, aikin yana buƙatarsa, amma ba a sa masa kuɗi ba. Mai karatu yana ganin sunan abin a jere da sauran, sai ya ɗauka an lissafa shi, alhali gurbin kuɗinsa fanko ne ko an ja masa ɗan layi. A takardarmu an rubuta yashi da tsakuwa da ruwa, aka sa musu PM. Babu bulon da zai hau kan ɗan'uwansa ba tare da yashi da ruwa ba, don haka tun daga ranar farko mai gini zai fara zare kuɗi daga aljihu a wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ɗin.

Hanyar gyara ita ce a mayar da layin adadi. Ka nemi maginin ya faɗi motar yashi nawa da motar tsakuwa nawa aikin zai ci, kuma wace irin mota, domin ƙaramar mota da babba duk mota ake ce musu, amma abin da suke ɗauka ba ɗaya ba ne. Ka tambayi masu kawo kayan farashinsu har zuwa bakin filinka, saboda fili a Zariya ko Ali Ɗan Sofo da fili a sababbin unguwannin bayan gari ba kuɗin dako ɗaya suke ci ba, kuma da damina ta sauka, ruwa ya shiga Gulbin Maradi, hanyoyi suka ɓaci, samun yashi kan ƙara wuya. Ruwa kuwa mutane na raina shi har sai an fara aiki. Inda famfo bai kai ba, da ganga ake sayensa a amalanke, kuma ba kwaɓi kaɗai ke cinsa ba, kankare da shafe suna buƙatar ban ruwa safe da yamma na tsawon mako guda aƙalla, balle a zafin watan Afrilu da Mayu. A misalinmu mu ce waɗannan uku sun tashi sefa 220,000.

Gwada adadin da lissafinka

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci, domin wanda ke son jimillarsa ta yi ƙasa da ta abokan takara ba farashi yake ragewa ba, adadi yake ragewa. Farashin bulo kowa ya san shi a gari, amma ba kowa ya san bulo nawa katangarsa za ta ci ba.

Bulon da aka saba amfani da shi tsawonsa santimita 40 ne, tsayinsa 20, don haka murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo goma sha biyu da rabi. Daga murabba'in mita 152 sai mu cire gurbin ginshiƙai. Idan za a sa ginshiƙi kusan kowace mita uku, tare da na kusurwoyi da na gefen ƙofofi, za su kai 28, kuma suna cinye kimanin murabba'in mita 11. Saura 141, wanda ke buƙatar bulo wajen 1,760. Idan aka ƙara kashi biyar cikin ɗari saboda waɗanda za su fashe wajen sauke kaya da yanka, adadin ya zama 1,850. Takardar kuwa ta rubuta bulo 1,500 a kan sefa 300, sannan ta rubuta kuɗin ɗora bulo na murabba'in mita 120 a kan sefa 1,500. Da wannan adadi katangar za ta tsaya ne a sahu na takwas da rabi maimakon na goma, kuma a ranar ne za a kira ka a ce: «Alhaji, bulo ya ƙare, sai an ƙaro.» A lokacin ba ka da zaɓi, don ba wanda zai bar katangarsa a guntule. Giɓin bulo 350 ne, wato sefa 105,000, sai kuɗin ɗora murabba'in mita 21, wato 31,500.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta kama irin wannan ko ba ka yi dogon lissafi ba, ita ce gwada layukan takardar da junansu. A layin shafe an rubuta murabba'in mita 152, a layin ɗora bulo an rubuta 120, alhali bango ɗaya ake magana a kai. Ginshiƙai sun ba da dalilin 11 daga cikin bambancin, sauran kuwa ba su da bayani. Duk inda layi biyu ke magana a kan bango ɗaya ko daɓe ɗaya ko rufi ɗaya amma adadinsu ya yi nisa da juna, ka tsaya ka tambaya.

Shi ma layin shafen yana da nasa. Katanga fuska biyu gare ta, ciki da waje, kuma 152 fuska ɗaya ce tak. Idan kana son a shafe duka biyun, sai an ninka layin, wato ƙarin sefa 304,000 a kan farashin 2,000 na kowane murabba'in mita. Mai yiwuwa ba ka buƙatar shafe gefen da ke jingine da filin maƙwabci, kuma wannan shawara ce mai kyau idan kuɗi sun yi kaɗan, amma kai ne ya kamata ka yanke ta tun farko, ba ka wayi gari ka tarar an yanke maka ita a cikin adadi ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Aikin tushe shi ne inda aka fi samun layukan da babu su kwata-kwata, kuma layin da ba a rubuta ba ya fi wanda aka rage wuyar ganewa. Hanyar gano shi ita ce ka bi ginin a zuciyarka daga ƙasan rami zuwa sama, kana neman layin kowane mataki. Za a haƙa rami, a zuba kankaren shimfiɗa, a ɗora bulo marar rami har a fito saman ƙasa, a zuba ɗamara, sannan katanga ta tashi.

Takardarmu ta ce haƙar tushe mita 76 a kan sefa 1,000, ba ta faɗi zurfi ko faɗi ba. Ramin santimita 30 da na santimita 60 duk mita 76 ne a tsawo, don haka dole a rubuta zurfi da faɗi, a kuma rubuta kuɗin kowane ƙarin zurfi idan ƙasar ta buƙaci haka. Wannan ya shafi Maradi sosai, domin ƙasar tudu mai rairayi daban take da ta gangaren fadama, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hauro sama, kuma akwai filayen da tsofaffin ramukan ɗibar ƙasa ne aka cike. A irin wannan fili ba a tsayar da haƙa sai an tarar da ƙasa mai ƙarfi.

Layin kankare ya ce tushe da ginshiƙai, m³ huɗu da rabi, a kan sefa 100,000. Mu gwada. Ginshiƙai 28 masu santimita 15 da 20, daga ƙasan rami zuwa sama, suna cin fiye da mita kubik biyu kaɗan. Ɗamara mai wannan kauri a tsawon mita 76 ita ma tana cin biyu da ɗoriya. Su biyun kaɗai sun cinye huɗu da rabin. Kankaren shimfiɗa mai faɗin santimita 40 da kaurin 15 yana buƙatar wasu huɗu da rabi, kuma ba su cikin adadin duk da cewa sunan tushe yana cikin layin. Ko an yi shi a kan sefa 70,000, tunda ba ya cin ƙarfe da siminti kamar ginshiƙi, ƙarin 315,000 ne. Bulo marar rami na sahu biyun da ke cikin ƙasa shi ma ba shi da layi. Kowace mita tana cin biyu da rabi a sahu ɗaya, jimilla 380, a kan sefa 450 har da ɗorawa, wato 171,000.

Layin da bai faɗi ingancin kaya ba

Wani lokaci adadi daidai yake, amma bayanin layin ne aka bari a buɗe, ta yadda za a iya cika shi da kaya mai araha, ko a nemi ƙari idan ka ce mai kyau kake so. Kalmar kankare ita kaɗai ba ta isa ba. Kankaren ginshiƙi da ɗamara ana kwaɓa shi da kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu bakwai masu kilo 50, don haka huɗu da rabin namu suna buƙatar buhu 32. Idan wannan adadi yana rubuce, za ka iya ƙirga buhunan da aka zazzage. Idan ba ya rubuce, buhu biyar ma kankare zai ba da, sai bayan damina biyu ko uku tsaga ta bayyana.

Haka ƙarfe yake. A rubuta lambarsa, da sanda nawa za a sa a kowane ginshiƙi, da tazarar zobban da ke ɗaure su. Bambancin ƙarfe mai lamba 10 da mai lamba 8 ƙarami ne a ido, amma na takwas ɗin ya gaza na goma da fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyi. Sanda mai tsawon mita 12 ta lamba 10 tana auna kimanin kilo bakwai da rabi, ta lamba 8 kuwa ba ta cika kilo biyar ba, kuma ɗora sanda ɗaya a sikeli ya isa ya nuna maka ko abin da aka kawo ya cika sunansa. Ka kuma tambaya ko katakon zuba kankare da ƙusa da wayar ɗauri suna cikin farashin. A bulo ma a rubuta guda nawa ake bugawa a buhu ɗaya, domin wanda aka buga talatin da ƴan kai a buhu daban yake da wanda aka ja har hamsin, ko da yake a kan mota kamanninsu ɗaya.

Layin ƙarshe na takardar shi ne ƙofofi biyu, sefa 275,000. A nan abin dubawa shi ne ko an rubuta kawowa da kafawa, wanda ake taƙaitawa da F/P ko F et P, ko kuwa kawowa kaɗai. Idan kawowa ce kawai, kuɗin kafawa da na mai walda da fentin hana tsatsa da makulli suna jiranka, mu ce sefa 40,000. A ginin ɗaki wannan tambaya tana shafar tagogi da tayil da kayan wuta da na famfo, kuma a can kuɗin ya fi haka nauyi. Kuɗin jawo wuta daga Nigelec da na jawo ruwa da na takardar izinin gini daga ma'aikatar magajin gari galibi ba sa shiga takardar magini, don haka ka tanade su daban.

Ƙananan rubutun da ke ƙasan jimilla

Yanzu ne lokacin duba ƙasan shafi. Idan an rubuta HT kusa da jimillar, to ba a sa harajin TVA ba, wanda a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, kuma a kan 1,800,000 kaɗai ya kai sefa 342,000. Idan an rubuta TTC, harajin yana ciki. Kamfani mai rajista da ke ƙarƙashin wannan haraji zai ɗora shi a takardar biya, don haka ka tambaya tun yanzu. Wanda kuma ya nemi ka biya shi harajin, ka nemi ganin lambarsa ta haraji, wato NIF, a kan takardar, domin ƙaramin maginin da ba shi da rajista ba shi da hurumin karɓarsa.

Idan muka tattara abin da muka gano, bulo da ɗorawa, kankaren shimfiɗa, bulon tushe, yashi da tsakuwa da ruwa, da kafa ƙofofi sun tashi sefa 882,500, aikin ya koma 2,682,500. Da shafen fuska ta biyu ya zama 2,986,500, kuma idan haraji ya hau kai, ya haura miliyan uku da rabi. Wannan ba ya nufin maginin macuci ne. Wasu sun saba cewa mai gini ne ke kawo yashi da ruwa, wasu kuma lissafin ne bai zauna musu ba. Amma ko da gangan ne ko da kuskure, aljihu ɗaya ne zai cike giɓin. Shi ya sa takardar da ta ce miliyan biyu da dubu ɗari bakwai, kuma ta lissafa komai, tana iya fin wannan araha, kuma ba a gwada takardu biyu sai an daidaita adadinsu layi da layi.

Sauran jimlolin da ke ƙasa su ma a karanta su, ko a sa wanda ke jin Faransanci ya karanta. Wadda ta ce za a biya gwargwadon aikin da aka auna bayan an gama tana nufin jimillar ba ta ɗaure kowa ba, farashin ɗaya ne kaɗai tsayayye. Wadda ta ce farashi na iya sauyawa idan kaya sun tashi tana buƙatar iyaka: a rubuta farashin buhun siminti da na sandar ƙarfe na ranar yarjejeniya, a ce bambancin waɗannan biyu kaɗai za a biya, kuma da shaidar rasit. Wannan yana da muhimmanci a garin da kayan gini da yawa ke shigowa ta hanyar Ɗan Isa, inda canjin naira ko matsalar iyaka ke iya motsa farashi cikin mako guda. Idan akwai layin kuɗin ko-ta-kwana, a rubuta cewa ba a taɓa shi sai da amincewar mai gini, kuma abin da ya rage nasa ne.

Zama da magini a sake rubuta takardar

Kada ka gyara takardar da baki. Ka zauna da maginin cikin mutunci, ka nuna masa lissafinka, ka ce: «Malam, ina son mu sa komai a ciki tun yanzu, don kada mu samu saɓani a tsakiyar aiki.» Magini na ƙwarai ba ya jin haushin wannan, domin shi ma yana kare shi daga zargi. A sabuwar takardar kada a bar PM ko ɗaya ba tare da an sa masa kuɗi ko an rubuta wanda zai kawo shi ba, kowane FF ya zo da jerin abin da ke cikinsa, sannan a ƙara jimla ɗaya da ke cewa duk aikin da ba ya cikin takardar ba za a fara shi ba sai an rubuta kuɗinsa, ɓangarorin biyu sun sa hannu. A rubuta kuɗi da lambobi a sefa, domin a baki da dala muke ƙirgawa, kuma sittin ɗin da aka faɗa a kan bulo ɗaya sefa 300 ce a takarda.

Biyan kuɗi kuma a ɗaura shi a kan matakin aiki, ba a kan kwanaki ba: kaso ɗaya idan an kawo kayan farko, wani idan an zuba ɗamara, wani idan katanga ta kai sahu na goma, wani bayan shafe da kafa ƙofofi. Kafin a mayar da ƙasa cikin rami, ka je ka auna zurfinsa da kaurin shimfiɗar, ka ƙirga sandunan ƙarfe kafin a rufe su da katako, ka ɗauki hoto, domin da an binne su babu sauran hanyar tabbatarwa sai fasawa. Daga kuɗin aikin hannu ka riƙe kashi biyar zuwa goma cikin ɗari har zuwa wa'adin da kuka rubuta, wanda ya fi kyau ya wuce damina guda, sannan kowa ya riƙe kwafinsa mai sa hannun ku biyu da na shaida ɗaya.